Sabon janareta, na hannu ko gyara: yadda kowanne ke shiga littafin lissafi

Idan janaretan masana'anta ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai, zaɓi uku ne a gaban mai shi: gyara, sayen na hannu, ko sayen sabo. Yawancin mutane farashi kawai suke kwatantawa, alhali kuɗaɗen nan ba layi ɗaya suke bi a littafi ba.

Kuɗin da aka kashe aka mallaki abin da zai yi aiki fiye da shekara ɗaya, kuɗin jari ne. Inji kadara ce, don haka ba a cire kuɗinsa gaba ɗaya daga ribar bana, ana raba shi ne a kan shekarun da zai yi aiki, wato raguwar daraja. Kuɗin da aka kashe don injin ya ci gaba da aikin da ya saba, kamar baƙin mai, filta, bel da ladan makanike, kuɗin gudanarwa ne, a shekarar da aka kashe shi ake cire shi duka, domin amfaninsa a nan ya ƙare.

A ce sabon janaretan dizal naira 6,000,000 ne, dako 150,000, dandamalin siminti da haɗa waya 350,000. Ƙa'idar lissafi ta IAS 16 ta ce duk abin da aka kashe har injin ya zauna a wurinsa ya shirya aiki, cikin kuɗinsa yake, har da gwajin farko. Kuɗin koyar da mai kula da shi kuwa ba ya ciki. Jimla 6,500,000 ke nan. Idan zai yi shekara 5 a sayar da shi 500,000, abin da za a raba 6,000,000 ne, wato 1,200,000 duk shekara. Masana'antar da ta samu ribar 5,000,000 kafin wannan lissafi za ta nuna 3,800,000. Da akanta ya zuba kuɗin duka a bana, da littafi ya nuna asarar 1,500,000 da ba a yi ba, shekaru huɗu masu zuwa kuma riba ta kumbura. Sai dai a tuna, 6,500,000 ɗin sun fita daga aljihu rana ɗaya, littafi ne kawai ya raba su.

Ga wanda ke da halin biya, sabon nan ne zaɓina. Yana da garanti, takardunsa cikakku ne, ana iya ƙiyasta shekarunsa ba tare da caca ba. Takardun kuma suna da amfani wajen haraji, domin hukumar haraji a Najeriya ba ta karɓar raguwar darajar da akanta ya lissafa, rangwamen jari take bayarwa bisa nata ma'auni, kuma sai an nuna shaidar saye.

Ƙaramin gyara na 400,000 yana fita daga ribar bana shi ke nan, amma idan ana maimaita shi duk wata uku, ya fi sabon tsada. Garambawul ne ke da rikici. Idan aka cire injin ɗungurungum aka sa wani a kan 2,000,000, ya ƙara wa janaretan shekara 4, wannan jari ne, 500,000 duk shekara, kuma sai a share ragowar darajar tsohon injin daga littafi. Canjin filta da bel kuwa, ko nawa ya ci, gyara ne.

Na hannu shi ne tarkon. A ce 3,000,000 ne, rabin kuɗin sabo, amma idan shekara 2 zai yi ya zama ƙarfen bola, 1,500,000 ke nan duk shekara, ya zarce na sabon, ba a ma sa kuɗin makanike ba. Kuma a nan ha'inci ya fi yawa. Ana fesa wa tsoho fenti a sayar da shi a matsayin sabo, ana canja agogon da ke ƙirga awannin aiki, ana liƙa farantin kamfanin da bai ƙera shi ba. A duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen injin ko ta yi daidai da ta rasit. A duba kawunan noti, wanda ya sha sifana ba ya ɓuya. A tayar da shi da sanyinsa, kada a yarda da wanda aka riga aka ɗumama, a ɗora masa cikakken lodi na awa ɗaya. Shuɗin hayaƙi yana nuna yana ƙona baƙin mai, mai yiwuwa zoben fiston ya ci.

Rasit ma a sa masa ido. Makanike kan rubuta "gyaran janareta" da jimla ɗaya, ya haɗa sabon inji da filta da ladansa. Kafin a biya, a sa shi ya rubuta kowane kaya a layinsa da farashinsa, in ba haka ba akanta ba zai iya raba jari da gudanarwa ba.