Saudiyya ko Birtaniya: ina takardun nas suka fi saurin wucewa?

"Ina da lasisin jinya da na ungozoma, shekara uku ina aiki. Saudiyya zan nema ko Birtaniya? Kuɗina ba su da yawa."

'Yar'uwa, Saudiyya za ki nema. Hukumarsu mai ba ma'aikatan lafiya lasisi, SCFHS, ba ta tantance takardu da kanta, kamfanin DataFlow ne ke yi mata. Za ki ɗora takardar kammala makaranta, lasisinki da takardar shaidar aiki, su kuma su tuntuɓi makarantarki, hukumar jinya da ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, da asibitin da kike aiki, kowa ya tabbatar da tasa. Daga nan sai rajista a Mumaris Plus, shafin intanet na SCFHS, da jarrabawar Prometric a kwamfuta. Daɗin abin, rahoton DataFlow mai kyau ana iya mayar da shi ga wasu hukumomin lafiya na yankin Tekun Fasha, ba sai an faro daga tushe ba. Sai dai mai difloma matsayin ƙasa da na mai digiri ake ba ta, albashi ma haka.

Inda ake tuntuɓe shi ne suna da shiru. A ce fasfonki A'isha Musa, takardar makaranta Aishatu Musa Bello, lasisi kuma da sunan miji. A wurinsu mutum uku ne, sai kin haɗa da takardar rantsuwa ta kotu da ta aure. Shirun kuwa, idan suka aika wa asibitinki saƙo babu amsa, rahoton zai fito da "Unable to Verify", wato an kasa tantancewa, alhali ba ki yi ƙarya ba. Don haka kafin ki biya, ki je ofishin ma'aikata da ƙafarki, ki karɓi adireshin imel ɗin da ake buɗewa da gaske, ki sanar da su cewa saƙo na tafe.

Birtaniya fa? Lasisinta na da daraja, amma hanyar na cin kuɗi. Hukumar jinya da ungozoma ta can, NMC, na neman maki 7 a jarrabawar Turanci ta IELTS, 6.5 a rubutu, sai CBT, jarrabawar kwamfuta, sai OSCE, jarrabawar gwaji a aikace, da ba a yin ta sai a can. Kuɗin OSCE kaɗai ya kusa fam 800. Ga shi Najeriya na cikin ƙasashen da aka hana zuwa ɗibar ma'aikatan lafiyarsu, sai ki nemi aikin da kanki.

Ki kiyayi dillalan da ke sayar da takardar shaidar aiki ko masu cewa za a zauna miki jarrabawa. Takardar bogi ɗaya kan jawo rahoto mara kyau da zai bi ki ko'ina. A 2023 NMC ta soke sakamakon CBT na wata cibiya a Ibadan saboda zargin maguɗi, har waɗanda ba su ji ba su gani ba sai da suka sake zama.

Ki fara da daidaita sunanki a kan dukkan takardu, sannan ki buɗe DataFlow.