Ƙungiyar gama kai ko kamfanin hannun jari?

Masu shirin haɗa jari sun sha tambayata wanne za su yi wa rajista.

Ta fuskar bashi kusan ɗaya suke. Idan ƙungiyar ta yi rajista da iyakantaccen alhaki, mamba ba ya asarar abin da ya wuce kuɗin hannun jarinsa, kamar dai a kamfani. Amma a duba takardar rajista da kyau, don akwai ƙungiyoyin da alhakinsu ba shi da iyaka, masu bin bashi suna iya kaiwa ga dukiyar mamba.

Wajen ƙuri'a suka rabu. A kamfani, wanda ya zuba kashi 60 cikin 100 shi ke da ta cewa. A ƙungiya kuwa kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, komai yawan kuɗinsa. Akwai adalci, sai dai masu manyan kuɗi kan ja baya.

Rarar kuɗi ma haka. Kamfani yana raba riba gwargwadon jari. Ƙungiya tana fara ware ajiya, sannan ta raba sauran gwargwadon cinikin da kowa ya yi da ita: wanda ya kawo buhu 30 cikin 300 da aka sayar, kashi 10 cikin 100 zai samu, ko da jarinsa ƙarami ne.

Manoma da masu sana'a iri ɗaya, ƙungiya ta fi dacewa da su. Mai neman babban jari daga waje, ya nufi kamfani.