Kafin ka sayo wa tsohuwa maganin taurin bayan gida

Da sanyin Disamba Hajiyarmu ta yi kwana biyar ba ta zaga ba, tuwo kuma loma biyu sai ta ture kwano. Na nufi wani kemis a Taminus da ke Jos, amma mai shagon bai miƙo min komai ba sai da ya ce, "Malam, me Hajiya take sha a gida?"

Tiramadol take sha na ciwon gwiwa, da maganin ƙarin jini mai sa bayan gida baƙi, da amlodifin na hawan jini. Ashe duka ukun suna ɗaure ciki, tiramadol ya fi. Ga sanyin Jos, ta rage shan ruwa don kada fitsari ya riƙa karya mata alwala. Na hawan jini dai ba a tsayar da shi da ka. Ka zuba duka a leda ka kai wa likita ya ga wanda zai canza.

Magani iri biyu ne aka fi miƙo wa mutum. Laktulos ruwa ne mai zaƙi, mililita 15 safe da yamma, yana jawo ruwa cikin hanji ya tausasa abin da ya bushe. Sai dai yakan kai kwana biyu kafin a ga aikinsa, kuma yana tara iska, abin da kan ƙara toshe cikin wanda dama ba ya cin abinci. Bisakodil ƙwaya ce, miligiram 5 da dare, da safe a zaga. Shi zaburar da hanji yake yi, wani lokacin har da murɗa. Taurin da tiramadol ya jawo yakan buƙaci biyun tare, su ne likita ya rubuta mana, ya kuma cire na ƙarin jinin. A rana ta uku ta zaga, da yamma ta nemi gwaten acca da kanta.

Garin harza da ake damawa a kofi kuwa, ban ga amfaninsa ga wadda ba ta shan ruwa ba, ƙara cushewa zai yi. Man farafin ma a bar shi, tsoho na iya shaƙe shi ya faɗa huhu. Filasko na masu maganin gargajiya yana aiki, amma wa ya auna maka?

Idan bayan kwanaki sai ka ga ruwa-ruwa yana ɓata zane, kada ka sayo maganin gudawa, wataƙila tauri ne ya toshe hanya ruwa yake tsiyayowa ta gefe. In kuma akwai amai, ko ciki ya kumbura iska ba ta fita, ko jini, ko rama, ka wuce kemis ɗin, asibiti za ku tafi.