Sunan gida ko ƙirƙirarren suna: wanne za ki sa wa yajinki?

Wata maƙwabciyata a Unguwar Rogo, nan Jos, tana haɗa yajin daddawa. Sunaye biyu ta kawo min, ta ce, "Yaya, zaɓa min": Alheri Yaji, ko Dakanmu.

Alheri na da daɗin faɗa, kowa ya san kalmar. Matsalar ke nan kuma. Zagaya kasuwar Terminus ki ƙirga shagunan da ke ɗauke da Alheri, Nasara ko Rahama. Ranar da kika nemi rajista a CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da sunayen kasuwanci rajista, sai an duba ko wani ya riga ki, kuma sunan da ya yi kama da na wani sosai ana iya ƙin sa. A lokacin kin riga kin buga leda dubu da sunan, kuɗin sun tafi.

Dakanmu gajere ne, yana tuna wa mutum turmi da taɓarya, kuma da wuya a yi karo da mai irinsa. Sai dai wanda ba ya jin Hausa zai buƙaci ƙarin bayani a ƙasan sunan. Shi na zaɓa, da sharaɗin ta bincika shi a shafin CAC kafin ta je wajen mai buga takarda.

Tambarin kuwa, turmi ɗaya da launi ɗaya ya isa. Na ce ta buga shi baƙi da fari, ƙarami kamar murfin kwalba. In har ana gane turmin, ya yi. Rajistar CAC ba ta kare tambari, wannan sai a ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke Abuja.