Sharhi a kan injin aski mai matajin milimita 1 ga mai fama da ƙurajen gemu

Injin da nake magana a kansa ƙaramin injin gyaran gemu ne mai caji, wanda ake ɗaura wa bakinsa matajin roba, kuma ana iya saita tsawon gashin da zai bari daga rabin milimita zuwa sama. Na koma gare shi ne bayan shekaru ina amfani da reza mai baki uku, wadda take barin fuska sumul da safe, sannan bayan kwana biyu ko uku ƙasan haɓa da gefen maƙogwaro su cika da ƙuraje masu ƙaiƙayi, wasu da ɗan farin kai, wasu kuma su warke su bar baƙin tabo. Hukuncina shi ne injin ya rage mini ƙurajen ƙwarai, kuma dalilin nasararsa shi ne ainihin abin da wasu za su ɗauka aibi ne gare shi, wato ba ya aske gashi har ƙasa.

Gashin gemu mai murɗewa yana fitowa ne daga rami mai lanƙwasa, saboda haka ba ya miƙewa tsaye, yana zagayowa ne ya nufo fata. Idan reza ta yanke shi a karkace, bakinsa yakan yi tsini kamar na alƙalamin kara da aka fere, kuma wannan tsinin yana shiga fata ta hanya biyu. Ko dai gashin ya fito waje, ya lanƙwaso ya soki fatar da ke kusa da shi, ko kuma idan an yanke shi ƙasa da saman fata, ya huda bangon raminsa tun kafin ya fito. Reza mai baki da yawa tana taimaka wa hanya ta biyun, domin bakin farko yana ɗan jawo gashin sama, na bayansa ya yanke, sai guntun ya koma ciki. Jan fata da yatsu domin ta miƙe lokacin aski, da aske gashi saɓanin yadda ya kwanta, su ma hakan suke haifarwa. Jiki yana ɗaukar gashin da ya soke shi a matsayin baƙon abu, shi ya sa wurin yake kumbura, ko da babu wata ƙwayar cuta a ciki.

Injin bai fara aiki nan take ba, domin ba zai iya fitar da gashin da ya riga ya nutse ba. Sai da na dakatar da aski gaba ɗaya na kusan wata guda. Gemu yana ƙaruwa da kusan santimita 1 a wata, kuma yayin da gashin yake tsawo, bakin da ya maƙale a fata yakan zame ya fito da kansa. A wannan lokacin ina ɗora tsumma mai ɗumi a wuya na 'yan mintuna da dare, ina goga wurin a hankali a zagaye. Inda na ga gashi ya yi ɗan baka a saman fata, kai da gindi duka a ciki, sai in goge bakin matsefata da sifirit, in zura shi ƙarƙashin bakan in ɗago bakin gashin kawai. Ba na tuge shi, domin gashin da aka tuge zai sake tsirowa daga can ƙasa, kuma yana iya huda ramin a hanyarsa ta fitowa. Wanda kuwa ba a ganinsa, barinsa ya fi tono, saboda tono shi ne yake jawo mafi munin tabo.

Bayan fata ta lafa ne na saita matajin a milimita 1. Kafin in fara, na shafa wuyana da tafin hannu domin in gane kwancin gashin, sai na tarar a kumatu ƙasa yake kallo, a ƙarƙashin muƙamuƙi ya karkata wajen kunne, kusa da maƙogwaro kuwa wani sashe sama yake kallo, kuma a nan ne ƙurajen suka fi yawa. Yanzu ina bin kowane sashe da nasa kwancin, a kan busasshiyar fata mai tsabta, ba tare da dannawa ba kuma ba tare da maimaita wuri ɗaya sau da yawa ba. Ina yin haka duk bayan kwana biyu ko uku, domin idan gashin ya wuce haka yakan samu tsawon da zai lanƙwaso ya taɓa fata. Cikin 'yan makonni sababbin ƙuraje suka zama jifa-jifa, ƙaiƙayin dare ya tafi, kuma kwalar riga ta daina yi mini zafi a wuya.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Matajin robar bai kama sosai ba, yakan ɗan zame idan aka zo lanƙwasar muƙamuƙi, sai gashin ya fito wani wuri ya fi wani tsawo. Bakin ƙarfen yana ɗaukar zafi idan aikin ya daɗe, kuma idan caji ya yi ƙasa injin yakan fara fizgar gashi maimakon yanke shi, alamar da ke nuna a tsaya a sa caji ko a ɗiga masa mai. Babban haɗarinsa kuwa shi ne cire matajin domin fitar da layin gemu, saboda tsiraran haƙoran suna yanka kusa da fata sosai, kuma a kan wannan layin ne kaɗai nake ganin ƙuraje suna dawowa. Yana kuma buƙatar a kakkaɓe gashin da ke tsakanin haƙoransa a goge su da sifirit bayan kowane aski, kuma ban ga dacewar a yi tarayya da wani a kansa ba.

Injin bai taɓa baƙin tabon da ya riga ya zauna ba. Wannan yana dusashewa ne a hankali cikin watanni, muddin sabon kumburi bai sake tasowa a wurin ba. Na haɗa da ruwan shafawa mai sinadarin salisilik asid kashi 2 cikin 100, wanda yake sassauta matacciyar fatar da ke toshe bakin ramin gashi, ina shafa shi da dare, ba kullum ba, domin yawansa yana busar da fata har ta yi raɗaɗi. Ina jan hankalin masu karatu da su guji mayukan da ke ɗauke da sitiroid mai ƙarfi ba tare da umarnin likita ba, domin suna kwantar da kumburi da farko, daga baya su sirantar da fata su ƙara kawo wasu ƙurajen.

Wanda aikinsa ya tilasta masa fuska sumul ba zai gamsu da wannan injin ba, domin kullum akwai ɗan duhun gashi da yake bari. A wurinsa reza mai baki ɗaya, bayan an jiƙa gemu da ruwan ɗumi da kumfa na wasu mintuna, a bi kwancin gashi sau ɗaya ba tare da jan fata ba, ita ce mafi sauƙin illa. Idan kuwa ƙurajen suna tara mugunya mai yawa, ko suna bazuwa a zagaye gashi yana zubewa kamar makero, ko tabon ya fara tudu yana tauri yana girma, to lamarin ya wuce sauya abin aski, likitan fata ne ya kamata ya duba shi.