Ƙurar Doki: Zanen Hannu Ko Na Kwamfuta?

Wani ƙanena a Katsina yana haɗa katun na hawan Sallah, doki ya zo jahi a Ƙofar Soro ya ja birki. Daƙiƙa biyu kacal, amma ƙurar ta hana shi barci.

Ya fara da manhajar haɗa katun ta Blender, inda kwamfuta ke watsa ɗigo-ɗigo da kanta. Ya sa abin fesawa ƙarƙashin kofato, ya ba shi ɗigo dubu biyu, ya rage `Gravity` don kada su zube kamar tsakuwa, ya saita `Lifetime` su ɓace bayan ɗan lokaci. Daɗinta, in ka juya kyamara ƙurar na nan daram. Sai dai dokin zane ne shafaffe mai baƙin layi, ƙurar kuwa ta fito da laushi irin na hoto, kamar an liƙa ta daga wani fim. Da gani ka san ba gida ɗaya suka fito ba.

Na ce: "Kai, ɗauki alƙalami mana."

Daƙiƙa ɗaya hoto 24 ce. In kowane zane ya zauna hoto biyu, zane 24 sun ishe shi. Huɗun farko ƙurar ta fashe da ƙarfi, sauran ta kumbura dunƙule-dunƙule, ta huje a tsakiya, ta watse. Kuskurensa na farko, ya ba zanen tazara iri ɗaya, sai ta riƙa tafiya kamar auduga. Ƙura da sauri take tashi, sannan ta yi nawa.

Ga doki ɗaya, hannu ya fi. Ranar da zai zana dawaki hamsin kyamara na zagaye su, ya koma Blender.