Allon shagona na biyu: sharhi kan aikin mai zanen da ya fara da awon titi

Shekara goma sha ɗaya ina gyaran keken ɗinki a Tudun Wada, nan Kaduna, ba nisa da Kasuwar Barci. Teloli su ne masu ba ni aiki, kuma yawancinsu da baki suke samun labarina, wannan ya gaya wa wancan. Da na tashi daga cikin layi na kama shago a bakin titi, sai na ga ya kamata in sa allo, don wanda bai san ni ba ma ya san abin da ake yi a wurin. Allo biyu na yi a cikin wata bakwai. Sharhin nan a kan na biyun ne, amma ba zai fito ba sai na faɗi yadda na farkon ya kasance.

Na farkon a wani shagon buga bana aka yi mini. Na zauna kusa da yaron da ke kan kwamfuta, ina faɗa yana rubutawa: sunan shago, ayyuka tara da nake yi, lambar waya biyu, hoton keke irin na ƙafa da na lantarki. Rubutu ja a kan shuɗi. A fuskar kwamfuta ya yi kyau ƙwarai, domin tsakanin idona da ita bai wuce kamu biyu ba. Da aka kafa shi, sunan shagon ya zo da tsayin inci 3, jerin ayyukan kuwa inci ɗaya da rabi. Wata rana wani tela daga Rigasa ya kira ni, ya ce ya wuce sau biyu a Keke Napep da kan kekensa a cinya, bai ga wurin ba. Na fita na tsallaka titi na tsaya inda ya tsaya. Hoton keken na gane shi, amma rubutun ya zama kamar jan zare a kan shuɗin yadi. Abin ya dame ni sosai, don mutumin nan kuɗin mota ya kashe, ya kuma bar aikinsa.

Wani maƙwabcina mai kemis ya haɗa ni da wanda ya yi masa nasa allon. Matashi ne, ya zo a kan babur da tef ɗin awo irin na magina. Bai tambaye ni launin da nake so ba. Abin da ya fara cewa shi ne, "Baba, wanda kake so ya karanta allon nan, a ina yake tsaye?" Na ce ko'ina. Ya ce a'a, mu auna.

Daga bangon shago zuwa bakin kwalta, har da kwalbati da wurin da masu babur ke fakawa, ƙafa 20. Faɗin kwaltar ƙafa 24. Daga can bakin zuwa inda masu tafiya a ƙasa ke bi a ɗaya gefen, kusan ƙafa 16. Jimla ƙafa 60. Sai ya gaya mini ƙa'idar da masu wannan sana'a ke aiki da ita: kowane inci ɗaya na tsayin harafi yana ba ka ƙafa 10 na karatu cikin sauƙi. Mai ido lafiyayye, idan ya tsaya ya ƙura, zai iya harhaɗa harafin daga nisan da ya ninka haka biyu da rabi ko uku, amma wannan iyakar gani ce, ba a gina allo a kanta, don mai wucewa ba ƙura ido yake yi ba. Da wannan lissafi, sunan da ke tsohon allona mai inci 3 ƙarfinsa ƙafa 30 ne, wato bai ma kai tsakiyar titi sosai ba. Jerin ayyukan kuwa ƙafa 15, ko bakin kwalta bai kai ba. Wanda ya iso kusa haka, ai ya riga ya ga kekunan da ke jere a ƙofa, ba ya bukatar allo.

Ƙafa 60 tana neman inci 6 ke nan a ƙalla. Amma ya ce wannan na mai tafiya a ƙasa ne. Wanda ke cikin Keke Napep mai gudun kilomita 30 a awa yana cin kusan ƙafa 27 a kowace daƙiƙa. In ya fara iya karanta allon daga ƙafa 60, daƙiƙa biyu kawai yake da ita kafin ya gifta, kuma a cikinta zai karanta, ya gane, ya ce wa direba a tsaya. In daga ƙafa 100 ne, ya sami kusan huɗu. Don haka ya yanke cewa babban layi ya zama inci 10.

A nan ne muka yi ja-in-ja, kuma a nan ne na fi ganin ƙwarewarsa. Faɗin wurin da ke saman ƙofata ƙafa 10 ne, tsayi ƙafa 3. Ba za a ƙara ba, don maƙwabta na dama da hagu. Ya ce harafi mai tsayin inci 10, idan aka haɗa da ratar da ke tsakaninsa da na gaba, yana cin wajen inci 7 da rabi a faɗi. Allon inci 120 ne, in an bar gefe da gefe, abin da zai ɗauka bai wuce harafi 14 ba. Sunan shagona kaɗai ya fi haka. Na ce to a matse haruffan su yi siriri. Ya ƙi. Ya ce harafin da aka matse tsayinsa na nan, amma ramukan cikinsa sun toshe, daga nesa A da R da K duk su zama sanda ɗaya. Kaurin layin harafi ma yana da nasa awo, kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsayin, wato inci 2 ga harafi mai inci 10. In ya fi haka siriri ya ɓace a rana, in ya fi haka kauri ya cushe.

Ya tambaye ni, "Baba, telan da kekensa ya tsaya, sunanka yake nema ko mai gyara?" Na yi shiru, don na san amsar. Muka cire sunan daga babban layi, muka sa kalma biyu: KEKEN ƊINKI. Harafi goma da rata ɗaya, wajen inci 82, ya zauna a tsakiyar allo da fili dama da hagu. A ƙasa aka sa "Gyara da Sayarwa" da inci 6, sai lambar waya guda ɗaya da inci 4. Layi ukun sun ci inci 20 daga cikin 36, sauran 16 aka raba su huɗu huɗu: sama, ƙasa, da tsakanin layuka. Sunan shago ya koma jikin ƙofa, inda mai shigowa zai gan shi. Na ji zafin cire ayyukan nan tara, ba zan ɓoye ba, don kowane ɗaya da guminsa na koye shi.

Kafin a buga komai, ya yi abin da nake so duk mai shago ya nema a yi masa. Ya buga haruffa uku, K da Ɗ da N, kowanne a takardar fotokofi guda, da yake tsawonta ya ɗan haura inci 11, harafi mai inci 10 yana shiga. Ya manna su da salatif a inda allon zai zauna, muka tsallaka titi, muka kuma taka zuwa wajen ƙafa 100 ta ɓangaren da motoci ke fitowa. Na kira wani dattijon tela da ke amfani da tabarau ya duba, ya karanta ba tare da ya tsaya ba. A wannan gwajin ne kuma muka lura cewa lanƙwasar Ɗ ta yi ƙanƙanta a salon rubutun da ya fara zaɓa, daga nesa sai ta zama D. Ya canja salo, ya kuma ƙara wa lanƙwasar kauri da hannunsa. Wannan ya faranta mini rai, domin alluna nawa ne a garin nan da aka rubuta Hausa a kansu babu ƙugiya ko ɗaya.

Launi bai ɗauke mu minti biyar ba. Baƙi a kan rawaya. Ja da shuɗi duhunsu kusan ɗaya ne, shi ya sa tsohon allon ke narkewa da yamma.

Yanzu wata huɗu da kafa shi, ga kuma inda aikin ya gaza. Layi na biyu bai kai yadda aka yi alkawari ba. Inci 6 ɗin da aka ce, tsayin manyan baƙaƙe ne, G da S. Sauran ƙananan baƙaƙen, a da r da w, na hau tsani na auna su, inci 4 da ɗan ɗoriya ne. Ke nan ƙarfin layin ƙafa 40 da wani abu ne, ba 60 ba. Daga tsallaken titi ina karanta shi don na san abin da ke wurin, baƙo kuwa sai ya ɗan tsaya. Da na nuna masa bai yi musu ba, ya ce ya kamata a ce ƙananan ya auna, ko kuma a yi layin duka da manyan baƙaƙe. Amma gyaran yana nufin sake buga fuskar allon gaba ɗaya, kuma bai ce zai ɗauki nauyin ba. A ganina mutumin da ya zo da tef ya auna titi bai kamata wannan ya wuce masa ba. Duk wanda zai ba da irin wannan aiki, ya tambaya a fili: incin nan na wane harafi ne?

Abu na biyu, allon a manne yake da bango, fuskarsa na kallon tsallaken titi. Wanda ke tahowa ta gefenmu yana ganin sa a karkace, haruffan su tsuke, ga rumfar maƙwabcina da ke rufe rabin K na farko sai an matso. Lissafin ƙafa 100 ya yi aiki ga masu tahowa ta ɗaya hannun, ta namu hannun kuwa sai wajen ƙafa 50 ake kama shi. Maganinsa ƙaramin allo mai fuska biyu da zai fito daga bango ya kalli masu tahowa. Ya ambata shi tun farko, ni ne na ce a bari saboda kuɗi, don haka ba laifinsa ba ne. Ya kuma yi jinkirin kwana huɗu a kan ranar da ya sa, kuma kuɗinsa ya fi na wancan shagon. Lokacin hunturu ƙura na dusar da rawayar, sai na sa yaro ya goge da jiƙaƙƙen tsumma duk Juma'a.

Duk da haka zan sake ba shi aiki, kuma na riga na tura masa mutum biyu. Lambar wayar mai inci 4 ana kwafe ta daga bakin kwalta ba tare da an sauka daga babur ba, na ga ana yi. Telan Rigasa ya dawo da wani keken a watan jiya, ya ce tun kafin su zo daidai kemis ya hango rubutun ya taɓa kafaɗar direba. Ƙaramin allon mai fuska biyu mun yi magana za a yi shi bayan Sallah, da kalma ɗaya tak a kowace fuska, KEKE, inci 8.